Yadda Ake Lissafin Ledojin da Suka Yi Yoyo a Masana'anta da Teburin z da Gyaran Rabi

Masu karatu da ke aikin duba ingancin kaya a masana'antun Ikeja, Ikorodu da Agege, da ɗaliban da ke haɗuwa da wannan tambaya a jarrabawa, sun sha tambayar abu ɗaya: rabin nan, 0.5, da ake sa wa ƙirga kafin a duba teburin z, ƙara shi ake yi ko rage shi? Wasu sun haddace cewa ana ragewa, wasu sun haddace cewa ana ƙarawa, kuma duk wanda ya dogara da hadda zai faɗi a rabin tambayoyin. Rabin yana da dalili, kuma da zarar ka ga dalilin ba ka sake buƙatar haddar.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce masana'antar fiya wata ce, injinta na cika leda da ruwa yana liƙewa. Littafin aikin watannin baya ya nuna cewa idan injin yana lafiya, ƙwaya 5 cikin kowace 100 kan yi yoyo idan aka matsa ta. Wannan adadi na misali ne, kai za ka sa na masana'antarku. Mai duba kaya yana ɗebo ƙwaya 400, wato kwatankwacin jaka 20 mai ƙwaya ashirin-ashirin, ya matsa kowacce. Dokar da manaja ya kafa ita ce: idan aka sami 28 ko fiye masu yoyo, a tsayar da inji. Tambayar ita ce, sau nawa wannan doka za ta tsayar da injin da babu abin da ya same shi?

Kayan aikin ba su da yawa: kalkuleta mai maɓallin √, teburin z irin wanda ke bayan littafin lissafi, da takarda da biro. Idan akwai Excel a ofis, za mu yi amfani da shi a mataki na 7.

1. Ka tabbata ƙirgar taka ta binomiyal ce

Abu huɗu ake dubawa. An yanke yawan samfur tun kafin a fara, 400 ne ba ƙari ba ragi. Kowace ƙwaya hukunci biyu ne a kanta, ko ta yi yoyo ko ba ta yi ba. Yiwuwar yoyo ɗaya ce ga kowace ƙwaya. Sannan lalacewar wata ba ta jawo lalacewar ta kusa da ita.

Na uku da na huɗu su ne suke karyewa a kan injin gaske, kuma a Legas mun san dalili. An ɗauke wuta, an tada janareta, hitar da ke liƙe ledar ba ta gama ɗaukar zafi ba, sai ƙwayoyin da suka fito a mintunan farko su yi ta yoyo a jere. Haka idan aka sa sabon naɗin leda mai kauri daban. Idan ka kwashi jaka 20 ɗin nan duka daga abin da ya fito a wannan ɗan lokaci, lissafin da ke tafe ba zai gaya maka gaskiya ba, komai kyawun kalkuletarka.

Gargaɗi: kada ka ɗauki jakunkunan da ke saman tari don su ne kusa da hannu. Ka rarraba ɗiban a tsawon lokacin aikin, kaɗan daga nan kaɗan daga can. Kuma kada samfur ya wuce kashi 10 cikin 100 na kayan da kake yanke wa hukunci. Samfur 400 yana son rukunin da ya kai ƙwaya 4,000 ko fiye, domin idan rukunin ƙarami ne, kowace ƙwayar da ka cire tana sauya yiwuwar sauran.

2. Ka gwada ko kwatancen nomal zai yi aiki a nan

Abin da muke shirin yi shi ne ɗora layi mai santsi, mai kamar ƙwarya a kife, a kan ƙirga mai tsalle-tsalle. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan ƙirgar ta bazu sosai dama da hagu. Gwajin ninkawa biyu ne, inda n ke nufin yawan samfur, p kuma yiwuwar yoyon ƙwaya ɗaya:

```
n × p = 400 × 0.05 = 20
n × (1 − p) = 400 × 0.95 = 380
```

Wasu littattafai suna cewa kowanne ya kai 5, wasu suna cewa 10. A aikin masana'anta ka riƙe 10, domin tambayoyinmu kusan kullum a gefen tudun suke, inda kuskure ya fi yawa. A nan muna da 20 da 380, mun haye.

Ga abin da ke faruwa idan ba a haye ba. Ka ɗauki samfur 50 a injin da ke lalata 2 cikin 100. Ninkawar farko ta ba da 1 kacal. Kwatancen nomal zai ce yiwuwar kada a sami lalatacce ko ɗaya 0.31 ce, alhali ainihin amsar 0.36 ce. Idan ka sami kanka a nan, ka tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 7.

3. Ka fitar da tsakiya da faɗin bazuwa

```
μ = n × p = 20
σ² = n × p × (1 − p) = 400 × 0.05 × 0.95 = 19
σ = √19 = 4.359
```

Ma'anar μ ita ce, da za ka yi ta maimaita ɗiban 400, matsakaicin masu yoyo zai zauna a 20. Ita kuwa σ tana gaya maka yadda ƙirgar ke kaucewa daga 20 a al'ada, wajen huɗu da 'yan kai sama ko ƙasa. Saboda haka ranar da ka ƙirga 24 ba ranar kiran makaniki ba ce.

Gargaɗi: kurakurai biyu suna nan. Na farko, mantawa da maɓallin √, a raba da 19 maimakon 4.359. Wanda ya yi haka amsarsa za ta fito wajen 0.35, ninki bakwai na gaskiya. Na biyu, a ce ai 4.359 kusan 4 ne, a yanke wutsiyar. Wannan kaɗai zai mayar da amsar ƙarshe 0.030 a maimakon 0.043. Ka bar lamba uku bayan ɗigo har sai ka gama.

4. Ka mayar da maganar manaja zuwa lambobi

Kafin ka taɓa rabi, ka rubuta lambobin da tambayar ta ƙunsa, ɗaya bayan ɗaya, a takarda. Dokarmu ta ce 28 ko fiye. Sai ka rubuta 28, 29, 30, har zuwa 400. Lambar farko da ke cikin jerin ita ce 28.

Wannan mataki yana kama da ɓata lokaci, amma a nan ne mafi yawan masu faɗuwa suke faɗuwa. Da manaja ya ce "fiye da 28", jerin zai fara ne daga 29. Da ya ce "aƙalla 28", daga 28 ne. "Bai wuce 27 ba" yana nufin daga 0 zuwa 27, har da ita 27 ɗin. "Ƙasa da 27" kuwa yana tsayawa a 26. A bakin inji, cikin ƙara, mutane na musanya waɗannan kalmomi ba tare da sun lura ba. Idan takardar dokar ba ta fito fili ba, ka koma ka tambaya: Oga, idan muka ƙirga 28 cif, mu tsayar ko mu ci gaba? Amsar wannan tambaya ita ce ke yanke inda jerinka zai fara.

5. Ka sa rabin

Leda ba ta rabin yoyo. Ƙirgarka 27 ce ko 28, babu 27.6. Amma layin nomal bai san da haka ba, shi fili yake aunawa a ƙarƙashinsa, kuma yana ratsa kowane ɗigo tsakanin 27 da 28. A wurinsa, lamba guda tsaye ba ta da faɗi, don haka ba ta da fili ko kaɗan.

Mafita ita ce a yanka wa kowace lamba fuloti. Ka ɗauka lambobin gidaje ne a jere a layi ɗaya, kowane fuloti faɗinsa ɗaya, lambar kuma tana zaune a tsakiyar fulotinta. Fulotin 28 ya fara daga 27.5 ya ƙare a 28.5. Fulotin 27 daga 26.5 zuwa 27.5. Katangar da ta raba maƙwabtan biyu tana kan 27.5.

Yanzu ka kalli jerin da ka rubuta a mataki na 4. Gidan 28 yana ciki, da duk gidajen da ke damansa. Idan ka ja layinka a kan 28 daidai, ka tsaga gidan biyu, ka bar rabinsa a waje. Dole layin ya bi katangar da ke hagunsa, wato 27.5. Shi ke nan gyaran rabi. Ba a tambayar ko ƙari ne ko ragi. Ana tambayar wane gida ne na ƙarshe a cikin jerin, sai a bi katangarsa ta waje.

Ka gwada shi a kan sauran kalmomin. "Fiye da 28" ya fara daga gidan 29, katangarsa ta hagu 28.5. "Bai wuce 27 ba" ya haɗa gidan 27 da duk na hagunsa, katangarsa ta dama 27.5. "Daga 15 zuwa 25, har da su" yana da katanga biyu, 14.5 da 25.5. "20 cif" gida ɗaya ne, daga 19.5 zuwa 20.5.

Ka lura da cewa "28 ko fiye" da "bai wuce 27 ba" katanga ɗaya suka faɗa, 27.5. Dole ne haka ta kasance, tunda ɗaya kishiyar ɗaya ce, kuma idan ka haɗa amsoshinsu sai sun ba da 1. Wannan hanya ce mai sauƙi ta kama kanka: ka lissafa kishiyar tambayar, idan katangun biyu suka bambanta, akwai inda ka sa rabin a baibai.

Gargaɗi: ana sa rabin ne a kan ƙirga, ba a kan z ba, ba kuma a kan kashi cikin ɗari ba. Idan dokar masana'anta an rubuta ta da kashi, misali "kashi 7 cikin 100 ko fiye", ka fara mayar da ita ƙwayoyi. Kashi 7 na 400 shi ne 28, daga nan sai ka nemi katanga. Wanda ya rage 0.5 daga 7 ya mayar da shi 6.5 cikin 100 ya koma ƙwaya 26 ke nan, ya matsar da katangar gida ɗaya da rabi daga inda ya kamata ta tsaya.

6. Ka fitar da z, ka karanta tebur

```
z = (27.5 − 20) ÷ 4.359 = 7.5 ÷ 4.359 = 1.72
```

Wannan z yana nuna σ nawa ne tsakanin katangar da tsakiya. A teburin z ka gangara layin 1.7, ka bi shi zuwa ƙarƙashin 0.02. Za ka ga 0.9573. Wannan shi ne filin da ke hagun katangar, wato yiwuwar kada a wuce 27. Mu kuwa na dama muke so:

```
1 − 0.9573 = 0.0427
```

Kwatancen ya ce wajen sau 4 cikin kowane dubawa 100, za a tsayar da lafiyayyen inji.

Gargaɗi: teburan z iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Wani yana ba da fili tun daga can ƙarshen hagu, wani kuma daga tsakiya kawai. Na biyun zai nuna maka 0.4573 a wannan wuri, kuma daga 0.5 za ka cire shi, ba daga 1 ba. Hanyar gane wanda ke hannunka ita ce ka duba z = 0.00. Idan ka ga 0.5000 na farko ne, idan ka ga 0.0000 na biyu ne.

Yanzu ka ga abin da rabin ya yi. Wanda bai sa shi ba zai raba 8 da 4.359, ya sami z kusan 1.84, amsarsa 0.033. Wanda ya sa shi a baibai, ya ɗauki 28.5, zai sami z = 1.95 da amsa 0.0256. Ainihin amsar binomiyal, wadda ake samu ta tara yiwuwar 28 da 29 da 30 har ƙarshe, ita ce 0.0480. Gyararren lissafi ya kauce da 0.005, marar gyara da 0.015, na baibai kuwa ya ba da kusan rabin gaskiyar.

A tsakiyar tudu ma kwatancen ya fi haka kyau. Tambayar "daga 15 zuwa 25" da katangunta 14.5 da 25.5 tana ba da z = 1.26 dama da hagu, amsa 0.792, ainihi kuma 0.795. Ba tare da rabi ba za ka sami 0.749. Tambayar "20 cif" tana ba da 0.0913, ainihi 0.0911, alhali ba tare da rabi ba amsar za ta zama sifili, abin da hankali ba zai ɗauka ba ga lambar da ta fi kowace fitowa.

7. Ka gwada amsarka da ainihin lissafi

Idan akwai Excel, layi biyu ne:

```
=1-NORM.S.DIST((27.5-20)/SQRT(19),TRUE)
=1-BINOM.DIST(27,400,0.05,TRUE)
```

Na farko shi ne kwatancenmu, 0.0427. Na biyu shi ne ainihi, 0.0480. Ka lura a na biyun 27 aka rubuta, babu rabi. Rabin na layin nomal ne kaɗai, shi binomiyal yana ƙirga gidajen ne da kansu. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne rubuta 28, wanda zai cire gidan 28 daga amsar ya bar maka 0.031.

Me ya sa gyararren lissafin ma bai kai 0.0480 ba? Saboda idan p ƙarama ce kamar 0.05, tudun ƙirgar ba ya daidaita. Ta hagu sifili ya tare shi, ta dama kuma yana da doguwar wutsiya. Layin nomal daidai yake ta kowane ɓangare, don haka yana rage wa wutsiyar dama haƙƙinta, kuma da zarar ka ƙara nisa abin yana ƙara muni. A "35 ko fiye" kwatancen yana ba da 0.0004, ainihi kuwa 0.0011, fiye da ninki biyu. A ganinmu, duk tambayar da z ɗinta ya wuce 2.5 a irin wannan ƙaramar p, kada ka kai wa manaja amsar tebur sai ka gwada ta da `BINOM.DIST`.

8. Ka fassara amsar zuwa kuɗi da lokaci

Manaja bai damu da 0.048 ba, ya damu da sau nawa injinsa zai tsaya. A ce ana dubawa sau 3 a rana, kwana 26 a wata, wato dubawa 78. Ka ninka 78 da 0.048, ka sami kusan 4. Sau huɗu ke nan a wata za a tsayar da inji a banza. Wanda ya sa rabin a baibai zai yi masa alkawarin sau 2, kuma a ƙarshen wata shi za a tambaya. Kuɗin kowace tsayawa kai ka san shi: jakunkunan da injin ke fitarwa a awa, tsawon lokacin da makaniki ke ɗauka kafin ya ce ba komai, man da janareta ya sha yana jira, da motocin rarraba kaya da suka makara har cunkoson hanya ya riske su. Ka ƙara kuɗin dubawar kanta, wato lokacin mai matsa ƙwaya 400 sau uku a rana.

Rabin hoton ke nan. Ɗaya rabin shi ne, idan injin ya lalace da gaske, dokar za ta kama shi? Ka maimaita matakai na 3 zuwa 6 da sabuwar p, katangar tana nan a 27.5. Idan yoyo ya hau zuwa 10 cikin 100:

```
μ = 40,  σ = √36 = 6
z = (27.5 − 40) ÷ 6 = −2.08
```

Filin hagu 0.019 ne, wato dokar za ta kama shi sau 98 cikin 100 a dubawar farko. Amma idan yoyon ya hau kaɗan, zuwa 7 cikin 100, μ ta zama 28, σ ta zama 5.103, z kuma −0.10, yiwuwar kamawa 0.54 kacal. Kusan rabin lokaci irin wannan lalacewa za ta wuce ta gabanka, kayan su fita zuwa shaguna. Ba a gyara wannan da rage lambar tsayarwa, domin hakan zai ƙara tsayawar banza. Ƙara yawan samfur ne maganinsa.

Gargaɗi: duk lokacin da p ta sauya, σ ma ta sauya. Kada ka ɗauko 4.359 ka yi amfani da ita a kan 0.10.

9. Idan kai aka ce ka zaɓi lambar tsayarwa

A nan ana bin hanyar ne daga ƙarshe zuwa farko. Manaja ya ce ba ya son tsayawar banza ta wuce 5 cikin 100. A tebur, z da ke barin 0.05 a dama shi ne 1.645. A lissafin da ke ƙasa, c ita ce lambar tsayarwa.

```
katanga = 20 + 1.645 × 4.359 = 27.17
c = 27.17 + 0.5 = 27.67  →  28
```

Kullum sama ake cikawa, ko da abin da ke bayan ɗigo ƙarami ne, domin cikawa ƙasa zai tsallake iyakar da aka gindaya maka. Daga nan 28 ɗin misalinmu ta fito, kuma ainihin 0.0480 bai wuce 0.05 ba, ta zauna.

Idan ya matse ya ce 1 cikin 100, z ya zama 2.326, katangar 30.14, da rabi 30.64, sai a cika zuwa 31. To amma a nan mun shiga wutsiyar da muka yi maganarta a mataki na 7. Ka rubuta `=1-BINOM.DIST(30,400,0.05,TRUE)` za ka ga 0.0114, ya ɗan haura 0.01. Lambar da ta cika sharaɗin da gaske ita ce 32, wadda ainihin yiwuwarta 0.0067 ce. Ita za ka rubuta a takardar doka, da kalmomin da ba su da harshen damo: idan masu yoyo sun kai 32 cikin 400, a tsayar da inji.